Keke ko Ninƙaya: Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Ciwon Gwiwa?

A watan azumin bara ne na lura Yaya ya bar sahun gaba. Mutumin da ya shekara ashirin yana tsayuwa bayan liman a masallacin unguwarmu, sai ga shi can ƙarshen sahu a kan farar kujerar roba, yana sujada da nuni. Da muka fito na tambaye shi lafiya, ya dafa gwiwarsa ta dama ya ce, "Ruku'u ba ya ba ni wahala. Sauka ƙasa da tasowa ne suka gagare ni." Shekarunsa 54, nauyinsa kilo 90, kuma wuni yake zaune a shago a Kantin Kwari. An yi masa hoton ƙashi, likita ya ce guringuntsin gwiwar ne ya fara zaizayewa, wato amosanin gaɓɓai irin wanda shekaru da nauyi ke kawowa. Aka ba shi magani, aka ce ya rage ƙiba, ya kuma riƙa motsa jiki.

"Da wace ƙafar?" Abin da ya ce da ni ke nan, kuma ba da wasa ya faɗa ba. Ya gwada tattaki da asuba na kwana huɗu, gwiwar ta kumbura, ya bari. Daga nan shawarwari suka yi ta zuwa. Wani abokinsa ya ce babu kamar ninƙaya, domin ruwa ne ke ɗauke wa mutum nauyinsa. Wani ya ce ya nemi keke. Wannan ja-in-jar ce ta sa na zauna na bi maganar daga tushe, domin na san ba Yaya kaɗai ba ne. Duk masallacin da ka shiga yanzu, ƙirga kujerun da ke ƙarshen sahu.

Abu na farko da ya kamata mai ciwon gwiwa ya gane shi ne, hutu zalla ba ya warkar da irin wannan ciwo. Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙasusuwan gwiwa ba shi da jijiyoyin jini. Daga ruwan da ke cikin gaɓar yake samun abincinsa, kuma kamar soso yake aiki: a matsa shi ya fitar da ruwa, a sake shi ya tsotsi sabo. Gwiwar da ba ta lanƙwashewa tana miƙewa, guringuntsinta ba ya samun wannan musaya yadda ya kamata. Ga kuma tsokar gaban cinya, wadda ita ce birkin gwiwa idan mutum zai sauko daga bene ko zai durƙusa. Makonni kaɗan na zama sun isa ta fara saki. Da ta saki sai gwiwa ta ƙara ciwo, mutum ya ƙara zama, ƙiba ta ƙaru, ciwo ya ƙaru. Abin da ake nema ke nan, wani motsi da zai sa zuciya ta yi aiki, cinya ta yi ƙarfi, gaɓa ta yi ta juyawa, ba tare da ana dukan gwiwar da ƙasa ba. Keke da ruwa duk sun cika wannan sharaɗi, amma kowanne ta hanyarsa.

Nauyin da ke sauka a kan gwiwa

Yawancinmu muna zaton idan mutum kilo 90 ne, to kilo 90 gwiwarsa take ɗauka. Abin ya fi haka nesa ba kusa ba. A kowane taku, tsokokin cinya suna ɗaurewa don su riƙe gaɓar, kuma wannan ɗaurewar tana ƙara matse ƙasusuwan da juna. An auna wannan kai tsaye. A shekarar 2004, likitoci a asibitin Scripps da ke California sun dasa wa wani majinyaci gwiwar ƙarfe mai na'urar awo a ciki, daga baya aka dasa wa wasu, su ma masu bincike a asibitin Charité na Berlin suka yi irin wannan aikin. Abin da awon ya nuna shi ne, a tafiyar ƙasa ta yau da kullum gwiwa tana ɗaukar kusan ninki biyu da rabi na nauyin jiki. Hawa bene da saukowa sun kai ninki uku ko fiye, sassarfa kuwa ta kai wajen ninki huɗu. A kan keken motsa jiki, idan ba a ɗaure shi da nauyi ba, abin bai wuce nauyin jikin da 'yar ɗoriya ba.

Mu ɗora wannan a kan Yaya. Kowane takunsa na tattakin asuba, gwiwar damansa tana karɓar abin da ya kai kilo 225. A kan keke, ɗari da 'yan kai ne, domin sirdi ya ɗauke gangar jiki, kuma babu dukan da dunduniya ke yi wa ƙasa. Dattawa masu gwiwar ƙarfe aka auna, don haka ba za a ce adadin ya dace da kowa daidai wa daida ba, amma jerin bai canza ba: keke a ƙasa, tafiya a tsakiya, gudu a sama.

Ruwa kuma nasa lissafin daban ne, domin zurfinsa ne ke yanke hukunci. Wanda ya tsaya a ruwa iya ƙugu, kusan rabin nauyinsa ne ke sauka a tafin ƙafarsa. Iya ƙirji, kusan kashi ɗaya cikin uku. Iya wuya, kusan kashi ɗaya cikin goma. Ga mai kilo 90, wannan na nufin 45, sannan 30, sannan 9. Idan kuma ya kwanta a kan ruwan yana iyo, ƙafar ba ta ɗauke da komai. Ta fuskar sauke wa gwiwa kaya dai, abokin Yaya na farko ya yi gaskiya, ruwa ya fi keke.

Sai dai tambayar da ta fi damun mai ciwo ita ce wanne ya fi rage ciwon, kuma an gwada wannan ma. A shekarar 2016, Mohammed Alkatan da Hirofumi Tanaka da abokan aikinsu a Jami'ar Texas da ke Austin sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 48, magidanta da dattawa masu amosanin gaɓɓai waɗanda da ma ba sa motsa jiki. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suna ninƙaya, rabi suna tuƙa keken motsa jiki, sau uku a mako, har suka kai minti 45 a kowane zama, na tsawon mako 12. Da aka gama, duka ɓangarorin biyu ciwo ya ragu, sandarewar gaɓa ta ragu, ƙarfi ya ƙaru, tafiya ta yi sauƙi. Aka nemi bambanci tsakaninsu ba a samu na kirki ba. Gwajin ƙarami ne, kuma da masu kula a tsaye a kansu, amma ya isa ya kashe gardamar "wanne ya fi" a dunƙule. Abin da ya rage shi ne a dubi gwiwar mutum, a ina take ciwo, a wane hali take yau, sannan a dubi abin da zai iya samu sau uku a mako ba fashi.

Ni dai ra'ayina, bayan duk abin da na gani, shi ne ga mafi yawan masu karanta wannan mujalla keke ne abin yau da gobe, ruwa kuma na ranar da gwiwa ta tashi ne, da kuma wanda nauyinsa ko ciwonsa bai bar shi ya hau keke ba tukuna. Dalilina shi ne aikin da keke yake sa cinya. Duk juyin feda, tsokar gaban cinya ce ke tura ƙafa ƙasa, ita ce kuma tsokar da mutum yake buƙata ya tashi daga tabarma. A iyo, mafi yawan aikin na kafaɗa ne da hannu da baya. Zuciya da huhu suna amfana ƙwarai, amma cinya ba ta samun rabo mai yawa. Amma fa keke yana da sharaɗi guda wanda idan aka saɓa masa, zai ƙara wa gwiwa ciwo maimakon ya rage, kuma a nan ne kusan kowa yake faɗuwa.

Maganar sirdi

Yaya ya ɗauko tsohon keken ɗansa, irin baƙin nan mai giya ɗaya, ya zaga unguwa na minti ashirin. Washegari ya kira ni ya ce, "Keken nan naka ya fi tattakin illa. Gaban gwiwar ne ke min zafi kamar an soka ƙusa." Da na je na ce ya hau in gani, tun kafin ya taka feda na ga matsalar. Yana zaune a kan sirdi, tafin ƙafafunsa biyu suna shimfiɗe a ƙasa. Haka yawancin mutanenmu suke saita keke, don su ji daɗin tsayawa a cunkoso. Amma sirdin da ya yi ƙasa haka, idan feda ta zo sama gwiwa takan naɗe sosai, kuma a wannan naɗewar ce ake tura nauyi. Ƙoƙon gwiwa yana zamewa ne a cikin wani kwari da ke ƙarshen ƙashin cinya, kuma iya naɗewar gwiwa a ƙarƙashin nauyi, iya yadda yake matsuwa a cikin kwarin. Minti ashirin na tuƙi ya haura juyi dubu. Sau dubu ke nan Yaya ya murza ƙoƙon gwiwarsa a inda ya fi matsuwa.

Gyaran ba ya buƙatar komai sai sifana da tef ɗin tela. Hanya mafi sauƙi ita ce ta dunduniya. Mutum ya jingina keken da bango, ya zauna daidai a kan sirdi, ya ɗora dunduniyarsa a kan feda, ya juyo ta baya har ta kai can ƙasa. A nan ƙafar ya kamata ta miƙe sak, ba tare da ya karkata ƙugu don ya kai ba. Idan ya mayar da tudun tafin ƙafa, wato gindin yatsu, kan fedar kamar yadda ake tuƙi, gwiwar za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, abin da masana ke sanyawa tsakanin digiri 25 zuwa 35. Akwai kuma hanyar lissafi da ake dangantawa da Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France sau uku. Mutum ya tsaya ba takalmi, bayansa a bango, ya matse littafi tsakanin cinyoyinsa har sama kamar sirdi, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin, a ninka da 0.883. Abin da ya fito shi ne tazarar da ya kamata ta kasance daga tsakiyar inda ƙarfen feda ke juyawa zuwa saman sirdi.

Muka auna Yaya, santimita 82. Lissafi ya ba da 72 da ɗan ɗigo. Muka auna keken, 65. Santimita bakwai cur ya yi ƙasa. Ban ɗaga shi gaba ɗaya a ranar ba, domin jijiyoyin bayan ƙafa ba sa son canjin gaggawa, shi ma kuma sai ya saba da sabon tsayin. Muka ƙara uku a ranar, biyu bayan mako guda, biyu a mako na gaba. Sai da na duba layin da aka zana a jikin ƙarfen sirdin, wanda ke nuna iyakar inda za a iya zaro shi. Idan an wuce wannan layi ƙarfen na iya karyewa, kuma alama ce keken ya yi wa mutum kaɗan. Sabon abin da ya koya shi ne tsayawa: idan zai tsaya, ya ja birki, ya zamo gaba daga kan sirdi, sannan ya sa ƙafa a ƙasa.

Gwiwa da kanta tana faɗa wa mutum inda kuskuren yake. Ciwo a gaba, kewayen ƙoƙo, galibi sirdi ya yi ƙasa ne ko ana tura feda da nauyi. Ciwo ko ɗaurewa a bayan gwiwa, galibi ya yi sama da yawa, kuma wanda ke bayanka zai ga ƙugunka yana rangaji hagu da dama. Idan kuma gwiwa tana faɗawa ciki wajen ƙarfen keke duk sanda aka tura, a gyara zaman ƙafa yadda gwiwar za ta riƙa bin saitin yatsan ƙafa na biyu. A bar silifa a gida, a sa takalmi mai tauri a ƙasa.

Bayan sirdi sai nauyin feda. Gwiwa ta fi son juyi da yawa marasa nauyi a kan juyi kaɗan masu nauyi. Ga yadda za a gane: a ƙirga sau nawa gwiwar dama ta taso sama a cikin daƙiƙa 15. Idan 15 ne zuwa 20, ana juyi 60 zuwa 80 ke nan a minti, kuma ya yi. Idan bai kai 12 ba kuma mutum yana jin yana niƙa, giyar ta yi nauyi, a sauko da ita. Mai keken giya ɗaya ba shi da wannan zaɓi, don haka sai ya zaɓi hanya. Kano shimfiɗaɗɗiya ce, ta yi wa irin wannan keke daidai. Wanda ke Jos ko wani gari mai tudu, gara ya nemi mai giya. Idan an iso hawa, a sauka a tura, kada a miƙe tsaye a kan feda, kada kuma a ɗauko buhu ko a goya yaro a ce ana motsa jiki.

Akwai waɗanda keken titi bai dace da su ba sam: wanda bai iya ba tun yana yaro, wanda jiri ke ɗiba, da wanda unguwarsa cike take da adaidaita sahu da ramuka. Faɗuwa guda tana iya rushe aikin wata shida. Ga irin waɗannan, da kuma mata da yawa da ba za su hau keke a titi ba, keken motsa jiki na cikin ɗaki yana yin aikin duka, kuma da irinsa aka yi gwajin Texas ɗin. Ƙa'idar sirdi ɗaya ce. Mai ciwon baya ko mai ƙiba sosai zai fi jin daɗin irin mai majingina, wanda fedarsa take gaba. Iyaka guda ita ce, feda ba za ta zagayo ba sai gwiwa tana iya naɗewa ta ɗan wuce yadda take idan an zauna a kujera, kusan digiri 110. Wanda tasa ta sandare ba ta kai nan ba, ya fara da rabin juyi, gaba da baya, ko kuma ya fara da ruwa.

Idan ruwa ne

A mako na biyar, Yaya ya je ɗaurin aure a ƙauye, ya wuni a tsaye, ya zauna a tabarma, ya dawo gwiwar ta cika ta yi tauri. Ko naɗe ta bai iya yi sosai, balle ya juya feda. Irin wannan ranar ce ruwa ya fi komai. Bayan kwana biyu, da zafin ya lafa, muka je wurin ninƙaya na wani otel da ake biya a shiga. Yaya bai iya iyo ba, kuma ban ce ya koya ba. Ya shiga ɓangaren da ruwa ke kai masa ƙirji, ya dafa baki, ya yi ta tafiya: gaba, sannan da baya, sannan a gicciye, yana ɗaga gwiwa a hankali. Minti 15 ya yi. Da ya fito ya ce rabonsa da ya yi taku ba tare da ya ji gwiwar ba ya manta. Ruwa yana turje wa motsi ta kowace fuska, kuma iya saurinka iya turjiyarsa, saboda haka mutum ne da kansa yake zaɓar nauyin aikin a kowane taku. Matsin ruwan a kan ƙafa kuma yana taimaka wa kumburi ya sauka.

Na fi son mutane su san wannan fiye da komai game da ruwa: amfaninsa ga gwiwa bai rataya ga iya iyo ba. Hasali ma, babban mutum da bai ƙware ba, idan ya ce zai yi iyo, kafin ya kai mita 25 numfashi ya ƙare, ya maƙale a baki yana haki, motsin minti biyu ya yi hutun minti biyar. Da haka ba za a tara minti 30 na aiki ba. Tafiya a ruwa iya ƙirji ta fi masa amfani, ta kuma fi aminci.

Wanda ya iya iyo kuwa, sai ya kula da salon. Yawancin waɗanda suka koya a rafi ko a kududdufi suna yara, iyon kwaɗo suka iya, kai a sama, ƙafafu suna naɗewa su buɗe waje sannan su harba su haɗe. Wannan harbin yana murɗa gwiwa yana jan jijiyar da ke gefenta na ciki, har likitocin wasanni suna da sunan ciwon da yake jawo wa 'yan gasar da suka daɗe suna yin sa. Gefen ciki kuma shi ne inda amosanin gwiwa ya fi kama mutane. Ke nan mutum zai iya shiga ruwa don gudun nauyi, ya fito da ciwon da murɗiya ta kawo. Salon da ya dace shi ne na rub-da-ciki da ake sara ruwa da hannu bi da bi, ko na rigingine, inda ƙafa ke kaɗawa sama da ƙasa daga ƙugu, gwiwa kusan a miƙe. Idan wannan ma yana taɓa gwiwar, akwai wata kumfa da ake matsewa tsakanin cinyoyi ta ɗaga ƙafafu, a yi iyon da hannu kawai. A kula da juyowa a ƙarshen kwami, domin naɗe ƙafa a tokari bango da ƙarfi daidai yake da tsalle daga tsugune. A kula da tsanin fita da santsin daɓe. Kuma kwamin da ake gashi a asibiti ruwansa da ɗumi yake, wajen digiri 33 zuwa 35, na otel kuwa yawanci ba a ɗumama shi. Da hunturu gaɓa mai ciwo takan ƙara tauri a ruwan sanyi, gara a je da rana.

Dole in faɗi wata magana a fili, domin na ji masu cewa ai ga dam, ga kogi, kyauta. Ruwan dam da na kududdufi da magudanan noman rani a ƙasarmu su ne matattarar tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin wasu ƙananan katantanwa na ruwa, ta huda fata ta shiga ba sai an sha ruwan ba, bayan wani lokaci a ga jini a fitsari. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu wannan cuta a duniya. Ga taɓo da ramukan da ba a gani, ga haɗarin nutsewa. Ba na ba kowa shawarar ya yi maganin gwiwa a irin wannan ruwa. Idan aka cire shi kuwa, abin da ya rage shi ne wuraren ninƙaya masu tsafta da maganin kulorin, waɗanda ba su da yawa, suna da tsada, kuma kaɗan ne suke ware wa mata lokaci. Wannan ma yana cikin abin da ya sa na ɗora keke a gaba. Wanda zai iya samun ruwa sau ɗaya ne kawai a wata, ba zai ga abin da mutanen Texas suka gani da sau uku a mako ba.

Yadda ake gane an wuce gona da iri

Ko keke ko ruwa, ma'aunin ɗaya ne, kuma shi masu gashin ƙashi da yawa suke koya wa majinyata. Mutum ya ba ciwonsa maki daga 0 zuwa 10. Idan ana cikin motsi ciwon bai wuce 5 ba, wato ana jin sa amma ana iya hira, ba laifi a ci gaba. Hukuncin gaskiya sai washegari da safe. Idan gwiwar ta koma yadda ta saba, adadin jiya ya yi daidai. Idan ta fi ciwo, ko ta kumbura, ko ta hana barci, an zarce, sai a rage kusan rabi a zama na gaba, kada a daina gaba ɗaya. Ƙarfin aikin kuma a auna shi da numfashi: ana iya magana jimla jimla, amma ba za a iya rera karatu ba.

Da wannan ma'aunin muka bi da Yaya. Bayan gyaran sirdi ya koma minti 10, sau uku a mako, bayan sallar asuba kafin titi ya cika, minti biyu na farko a hankali ƙwarai. Duk mako yana ƙara minti 3 zuwa 5 idan safiya ta yi kyau. Sau biyu ya ja baya. A wata na uku ya kai minti 35 zuwa 40, sau huɗu a mako, wanda ya kawo shi daidai minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba manya shawara a mako. Ya rage shayi mai sukari da lemon kwalba, kilo 4 suka sauka. Keke kaɗai ba ya sauke ƙiba idan cin bai canza ba. Kilo huɗun nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin binciken da Stephen Messier ya jagoranta a Jami'ar Wake Forest a 2005 ya nuna duk kilo ɗaya da mai amosanin gwiwa ya rage, kusan kilo huɗu ne ke sauka daga kan gwiwarsa a kowane taku.

Akwai abin da keke da ruwa duka ba sa yi. Tunda sun ɗauke wa ƙashi nauyi, ba sa ƙara masa ƙwari kamar yadda tafiya take yi, kuma wannan ya fi shafar matan da haila ta ɗauke musu. Ba sa kuma koya wa ƙafa tashi daga ƙasa. Shi ya sa ma'aikaciyar gashin ƙashin da ta duba Yaya ta ƙara masa abu biyu: ya tashi daga kujera ya koma a hankali ba tare da dafa hannu ba, sau goma, zagaye biyu, da 'yar tafiyar minti goma zuwa masallaci a madadin hawa babur.

Duk wannan bayani na gwiwar da ke ciwo a hankali ne, wadda likita ya riga ya duba. Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya ta yi zafi ta yi ja, musamman da zazzaɓi, asibiti za a kai ta a ranar. Haka wadda take maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko take zubar da mutum yana cikin tafiya, ko wadda ba ta iya ɗaukar nauyi bayan faɗuwa. Mai sikila da ya ji ciwon gwiwa ya sa a duba masa ƙugu, domin lalacewar kan ƙashin cinya takan aiko da ciwonta gwiwa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon suga ya tuntuɓi likitansa kafin ya fara, mai farfaɗiya kuma kada ya shiga ruwa shi kaɗai.

Hoton gwiwar Yaya bai canza ba, guringuntsin da ya tafi bai dawo ba. Yanzu yana hawa benen shagonsu ba ya tsayawa a tsakiya, kuma ya koma sujada a ƙasa a sallolin farilla, yana dafa hannu wajen tasowa. Doguwar tahiya har yanzu tana yi masa nauyi, kujerar robar tana nan a bayan ƙofa saboda tarawihi. Tun bayan ɗaurin auren nan sau uku ya koma ruwa, duk a makon da gwiwar ta tashi. A jikin ƙarfen sirdin kuma ya naɗa jan salatif daidai santimita 72, domin duk sanda ɗansa ya ari keken, sai ya sauke shi.